Yadda ake tsara minit ɗin taro cikin jadawali mai gida uku: batu, tattaunawa da matsaya

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a fadamar Argungu. Da farko yadda na taras ana yi haka nake yi, wato in zuba labarin zama tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, shafi uku ko huɗu, wane ya ce, wane ya mayar masa. Wata shekara a farkon noman rani injinmu na ban ruwa ya lalace, muka zauna a kansa, na rubuta cewa "an amince a gyara inji cikin gaggawa". Mako biyu suka wuce inji na nan yashe a bakin rijiya, irin da muka raina ya fara ja. Da muka sake zama, wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya dube ni ya ce, "Malam sakatare, buɗa littafinka ka hwaɗa muna, mi munka yanke, kuma wa munka aza?" Na buɗe, na bi shafi uku da yatsa, ban sami sunan kowa ba, ban sami rana ba. Kowa ya tashi daga wancan zama yana zaton wani ne zai ɗauki injin. Tun daga ranar na koma jadawali, domin jadawali ba ya ɓoye giɓi. In ba a yanke komai ba, akwatin matsaya zai tsaya fayau yana kallonka tun mutane ba su watse ba.

Ga kalmomi uku da zan riƙa amfani da su. Gida shi ne yankin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Jeri shi ne wanda ya ratsa daga hagu zuwa dama. Akwati shi ne inda gida da jeri suka haɗu.

Kayan aiki

Kana buƙatar babban littafi mai bango mai kauri, irin wanda ake rijista da shi, wanda ba a cire masa takarda cikin sauƙi. Sai rula, fensir na jan layi, da biro biyu masu launi ɗaya, don kada ɗaya ya ƙare maka a tsakiyar zama. Ka zo da ajandar ranar, da takardar da mahalarta za su rubuta suna su sa hannu ko su dangwala, da kuma minit ɗin zaman da ya gabata. In kana da kwamfuta mai Microsoft Word da takardar A4, za ka buga tsaftataccen kwafi daga baya. In babu, littafin kaɗai ya wadatar, ko ka kai shagon buga takardu ka zauna kusa da mai bugawa.

Mataki na 1: Ja jadawalin tun kafin a zauna

Daren jajibirin taro nake wannan aiki. Ka buɗe littafi yadda shafi biyu za su fuskanci juna. A shafin hagu ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka ware kamar faɗin yatsu uku a gefe, wannan shi ne gidan Batu. Ragowar shafin hagu gidan Tattaunawa ne. Shafin dama gaba ɗaya ka bar wa Matsaya. Za ka ga kamar ɓarnar takarda ce, amma ranar da aka zo neman wata tsohuwar shawara, shafukan dama kawai za ka riƙa bi.

A saman jadawalin, a wajensa, ka rubuta sunan ƙungiya, lambar zama, rana da kwanan wata, wuri, lokacin farawa, wanda ya shugabanci zaman, da adadin waɗanda suka halarta da waɗanda suka aiko uzuri. Kada ka cusa waɗannan cikin jadawali, ba batutuwa ba ne. Adadin mahalarta kuwa kada ka bar shi, don shi ke nuna ko an cika yawan da tsarin mulkin ƙungiya ya ce sai da shi ake yanke shawara.

Kuskuren da sababbi suka fi yi a nan shi ne su ja layukan jeri tun da wuri, su raba wa kowane batu wuri daidai wa daida. Ba ka san batun da zai ja ba. Ka rubuta batu na farko kawai, sai an gama shi ka ja layi a ƙarƙashinsa, ya ratsa shafukan biyu, sannan ka rubuta na gaba.

Mataki na 2: Gidan batu

Wannan gida ba ya son surutu. Lamba da kalmomi biyu zuwa biyar sun isa: "Gyaran injin ban ruwa", "Kuɗin mai na rani". Ka ɗauko su daga ajanda da kalmomin ajandar, don mai riƙe da ajanda ya gane inda yake.

Lambar ce ke buƙatar dabara. Ni ina haɗa lambar zama da lambar batu, wato 7.3 na nufin zama na 7, batu na 3. Amfaninta yana fitowa a zama na gaba: maimakon ka sake ba da labari, sai ka rubuta "Duba 7.3". In abu biyu daban suka fito ƙarƙashin batu ɗaya, kamar a fara da maganar inji a zarce zuwa maganar mai gadi, ka raba su jeri biyu. Haka nan "Sauran batutuwa": kowace magana da aka kawo a ƙarƙashinsa ta sami jerinta, in ba haka ba nan ne shawarwari ke ɓacewa.

Mataki na 3: Gidan tattaunawa

Ba aikinka ba ne ka kwashe duk abin da ya fito daga bakin mutane. Abin da ake so a wannan gida shi ne dalili: wanda bai zo ba, ko wanda zai gaje ka bayan shekara uku, ya karanta ya fahimci abin da ya sa aka tsaya inda aka tsaya. Don haka abu uku nake kamawa. Na ɗaya, halin da ake ciki, tare da adadinsa in akwai. Na biyu, hanyoyin da aka kawo. Na uku, hujjar da ta rinjaya.

In mutum shida suka faɗi magana ɗaya da baki shida, sau ɗaya za ka rubuta ta. Ka yi amfani da "an bayyana", "an kawo shawarar", "wasu mambobi sun ga cewa". Suna ko muƙami yana shiga ne a wurare kaɗan: wanda ya gabatar da rahoto, wanda ya kawo ƙudiri da wanda ya mara masa baya, da wanda ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba. Wannan na ƙarshe haƙƙinsa ne, ka rubuta masa ko da ranka bai so ba.

Baƙar magana da gori ba su da wuri a littafi. Mutane biyu za su yi sa-in-sa a zama, su shirya a masallaci da la'asar, amma abin da ka rubuta yana nan, kuma za a karanta shi a gaban jama'a bayan mako biyu ya tayar da abin da ya kwanta. Ra'ayinka ma ba shi da wuri. In kana da magana a kan batun, ka ajiye biro ka ɗaga hannu kamar kowa.

Mataki na 4: Gidan matsaya

A nan aikin yake, kuma a nan nake so ka daɗe. Kowane akwatin matsaya sai ya amsa tambayoyi huɗu: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, kuma da nawa ko daga wace jaka. In ɗaya ta ɓace, matsayar gurguwa ce.

"Wa zai yi" mutum ɗaya ne. In aka ce "kwamiti" ko "shugabanni", ka tambaya wa ke jagorantarsu, ka rubuta shi. Kowa ya san abin da ke samun tukunyar da aka ce ta kowa ce. "Zuwa yaushe" kwanan wata ne, ba "nan ba da jimawa ba", ba "bayan kasuwa" ba. In an ce "kafin dashe", ka nemi a sa rana, domin dashen wani ya riga na wani. Kuɗi kuwa ka rubuta da lamba, in mai yawa ne ka ƙara da kalmomi, saboda sifiri ɗaya na iya shiga ko ya fita ba a lura ba.

Abin da ya fi komai amfani a gare ni shi ne wannan: kafin shugaba ya wuce zuwa batu na gaba, sai in ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in karanta abin da na rubuta." Sai in karanta akwatin matsaya kaɗai da ƙarfi. Ba ya cin minti ɗaya. Sau da yawa a nan ne wani zai ce, "A'a, ba haka na ji ba," sai a gyara nan take kowa na ji. Gyaran da aka yi a zaune ya fi wanda za a yi bayan an kashe kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma wanda aka ɗora wa aiki ya ji sunansa da kunnensa, ya amsa a gaban shaidu.

Ba kowane batu ke ƙarewa da aiki ba, amma kowane batu yana da makoma, don haka kada ka bar akwati babu komai. In rahoto ne kawai aka saurara, ka rubuta "An karɓi rahoto". In ba a daidaita ba, ka rubuta "An ɗage zuwa zama na 8" tare da abin da ake jira. In an ƙi, ka rubuta "Ba a amince ba". Akwatin da aka bari fayau ƙofa ce, wani na iya cika shi daga baya, ko a yi ta gardamar ko an yanke ko ba a yanke ba. In an kaɗa ƙuri'a, ka sa adadin kowane ɓangare, ka kuma duba jimlarsu ba ta wuce yawan mahalarta ba.

Wani kuskure kuma shi ne matsaya ta zame cikin gidan tattaunawa. Alamarsa ita ce ka ga "daga ƙarshe an amince" a gidan tsakiya. Duk jimlar da ta fara da "an amince", "an umarci" ko "an ɗage", gidan dama ne mazauninta.

Ga misali daga irin zaman da muke yi, a ce ƙungiya mai mambobi 40, mutum 31 suka halarta, ranar Asabar 14 ga Disamba. Na sa muƙamai kawai, amma a littafinka ka haɗa da suna.

| Batu | Tattaunawa | Matsaya |
|---|---|---|
| 7.3 Gyaran injin ban ruwa | Mai kula da kayan aiki ya bayyana cewa inji ɗaya cikin biyu ba ya jan ruwa. Makaniki ya yi kiyasin ₦35,000. Wasu sun ga a sayi sabo, amma Ma'aji ya ce abin da ke jaka bai kai ba. | An amince a gyara. Mai kula da kayan aiki zai kai shi Birnin Kebbi ya dawo da shi zuwa Juma'a 20 ga Disamba. Ma'aji zai ba shi ₦35,000 daga jakar gyara, ya karɓi rasit. |
| 7.4 Kuɗin mai na rani | An kawo hanya biyu: kowa ya biya ₦4,000, ko a biya gwargwadon girman gona. Masu ƙananan gonaki sun fi son ta biyu. An lura ba a auna gonakin ba tukuna, kuma ban ruwa ba zai jira awo ba. | An amince kowane mamba ya biya ₦4,000 a wannan zagaye, ƙuri'a 22 da 9. Jimla ₦160,000. Ma'aji zai karɓa zuwa 28 ga Disamba. |
| 7.5 Awon gonaki | Ya taso daga 7.4. | Mataimakin shugaba zai kawo jerin gonaki da girmansu a zama na 8. |
| 7.6 Sayen taki a dunƙule | Ba a sami farashin buhun yuriya daga dillalai ba. | An ɗage zuwa zama na 8. Sakatare zai kawo farashi daga dillalai biyu. |

Ka lura da 7.5. Babu shi a ajanda, daga gardamar kuɗin mai ya fito. Da an bar shi cikin tattaunawar 7.4, da mutum tara da aka rinjaya sun tashi da jin cewa an yi watsi da kokensu, kuma da babu wanda zai auna gona. Da ya sami jerinsa, sai ya zama aiki mai uba. Ka kuma lura da jimlar ₦160,000: da mambobi 40 aka lissafa, ba 31 ba, domin matsayar ta hau har kan waɗanda ba su zo ba.

Mataki na 5: Buga shi a kwamfuta

Ka buga a ranar ko washegari, tun kana tuna abin da gajerun kalmominka ke nufi.

Da farko ka kwantar da takarda: Layout, Orientation, Landscape. A4 a kwance faɗinta santimita 29.7 ne. In ka bar santimita 2 a kowane gefe, saura 25.7. Ni ina ba Batu 4.7, Tattaunawa 12, Matsaya 9. In ofishin da za ka kai wa ya fi son takarda a tsaye, faɗin da zai rage 17 ne, sai ka raba shi 3, 8 da 6.

Ka fara buga kanun zaman, sannan ka sa jadawali a ƙarƙashinsu: Insert, Table, gida 3, jeri 2 kawai. Ba sai ka ƙirga batutuwa ba, domin in kana cikin akwatin ƙarshe ka danna Tab, sabon jeri zai fito da kansa. Ka zaɓi jadawalin gaba ɗaya, ka danna dama a kansa, ka zaɓi AutoFit, sannan Fixed Column Width, don kada gidaje su riƙa motsi kana rubutu. Faɗin kowane gida kuma a Table Properties, ƙarƙashin Column, ake sa shi.

Saituna biyu ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo, dukansu a Table Properties ƙarƙashin Row. Ka sa alamar rubutu a jerin farko mai kanun gidaje, ka zaɓi Repeat as header row at the top of each page, sai kanun su riƙa fitowa a saman kowane shafi. Sannan ka zaɓi sauran jerin, ka cire alamar Allow row to break across pages, don kada batu ya tsage, rabinsa a shafi na 1, ragowar a shafi na 2. Sai dai in tattaunawar batu ɗaya ta kusa cika shafi, ka bar wa wannan jeri alamarsa, ko mafi kyau ka rage ta, tsawon nan alama ce ta cewa ka koma ba da labari.

Abin da na fi gani a takardun da ake kawo mini in duba shi ne jadawalin bogi, wanda aka jera da Space ko Tab ba tare da Insert Table ba, ko kuma jadawali mai jeri ɗaya tak da aka yi ta danna Enter a ciki don matsaya ta zo daidai da batunta. A allo yana da kyau. Ana ƙara kalma ɗaya ko a canza girman rubutu, sai matsayar 7.4 ta koma gaban 7.3. Batu ɗaya, jeri ɗaya, shi ne maganinsa.

Haruffa masu ƙugiya kuwa, in allon rubutunka ba shi da su, ka buga lambar harafin ka danna Alt da X tare:

```
U+0199  Alt+X  ƙ
U+0257  Alt+X  ɗ
U+0253  Alt+X  ɓ
```

Ka duba su a takardar da aka fitar, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai ka ga ɗan murabba'i a madadinsu. A minit, "kasa" da "ƙasa" ba abu ɗaya ba ne.

Mataki na 6: Rarrabawa, amincewa da ajiya

Shugaba ya fara gani kafin kowa. Yana iya gyara kuskuren suna ko lamba, amma ba ya canza abin da zama ya yanke. In ya nemi haka, ka ce masa cikin ladabi a kai maganar zama na gaba.

In za ka tura ta waya, ka mayar da shi PDF ta File, Save As, domin takardar Word tana sauya kama daga waya zuwa waya. Jadawali a kwance yana ƙanƙancewa a fuskar waya, kuma dattawa da yawa ba za su tsaya buɗa shi ba, don haka nakan kwafe gidan matsaya kaɗai da lambobinsa in tura a WhatsApp, wani lokaci in karanta shi da murya. Batun da ya shafi bashin wani ko ladabtar da shi ba na sa shi a wannan saƙo, yana nan cikin littafi.

A zama na gaba, jerin farko bayan addu'a shi ne amincewa da minit ɗin baya: wanda ya kawo ƙudiri, wanda ya mara baya, da gyaran da aka yi in akwai. Sai shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata a ƙarƙashin jadawalin. In gyara ya kama a littafi, ka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai a sama, ku sa hannu a gefe. Kada ka shafe da farin ruwan goge rubutu, kada ka yage shafi. Ranar da ƙungiya za ta buɗe asusu ko ta canza masu sa hannu, banki yakan nemi shaidar matsayar da aka yanke, kuma littafin da aka ga alamar yage a cikinsa ba ya tsaya wa kowa shaida.

Jeri na biyu shi ne abubuwan da suka taso daga zaman baya, kuma ba sai ka yi dogon tunani a kansa ba. Ka buɗe shafin dama na zama na 7, ka bi shi daga sama: 7.3, inji ya dawo? 7.4, mutum nawa suka biya cikin 40? 7.5, ina jerin gonaki? Wanda aka kammala ka rubuta "An kammala" a sabon akwatin matsaya. Wanda ba a kammala ba ka sake ɗauko shi da tsohuwar lambarsa, ka rubuta dalilin jinkiri a gidan tsakiya, ka nemi zama ya sa masa sabuwar rana kafin ka ja layi.